Sauti daban ga kowane akawun, da lokacin da waya za ta yi shiru da dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin ofis kuma ina sayar da atamfa da leshi ta waya. Wayata Samsung ce, akwai Gmail biyu a ciki, na ofis da nawa, sai WhatsApp na gida da WhatsApp Business na kasuwa. Duk ƙara ɗaya suke yi, ba na gane wanda ya shigo sai na duba, lambar ƙirgan saƙo da ke kan tambarin Gmail kuma ban san ta wane akawun ba ce. Da dare kwastomomi ba sa barina barci, amma ina tsoron rufe wayar saboda mahaifiyata ba ta da lafiya a Katsina, maigidana kuma matafiyi ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Duk abin da kike so zai yiwu, in ban da abu ɗaya da zan faɗa miki gaskiyarsa idan mun zo kan lambar Gmail. Amma kafin ki taɓa komai, ki riƙe wannan a ranki, domin shi ne ke hana mutane da yawa cin nasara: tsarin `Do not disturb`, wato wanda ke sa waya ta yi shiru a lokacin da kika zaɓa, bai san akawun ba. Bai san wannan na ofis ne wancan na gida ne ba. Abu uku kawai yake ganewa, wato mutumin da ke cikin lambobinki, manhaja sukutum ɗinta, da rukunin sanarwa da ke cikin manhajar. Don haka aikin farko shi ne a tabbatar kowane akawun yana da ƙofarsa da wayar take gani. Idan an yi wannan, sauti da lamba da lokacin shiru duk za su zauna daidai. Idan aka tsallake shi, sai ki ga kin gyara nan can ya ɓalle.

Rukunin sanarwa ya shigo ne da Android 8 a shekarar 2017. Kafin nan saitin wayar yana ɗaukar manhaja ne sukutum, duk abin da kika sa mata ya shafi sanarwarta gaba ɗaya. Daga wannan shekarar aka ba kowace manhaja damar raba sanarwarta kashi-kashi, kowane kashi da nasa sauti, da nasa jijjiga, da nasa izinin nuna lamba a kan tambarin manhajar. Gmail ya yi amfani da wannan dama yadda ya kamata: kowane akawun da kika saka yana samun rukuninsa a ƙarƙashin adireshinsa. Wato imel ɗinki biyu tuni suna da ƙofofi biyu, ba ki gan su ba ne kawai.

Dalilin da ya sa wataƙila ba ki gan su ba shi ne Samsung, tun daga One UI 6.1, yana zuwa da wannan shafin a ɓoye. Na sha ganin mutum ya zo shago yana rantsuwa cewa sabuwar wayarsa ba ta da abin da tsohuwar take da shi, alhali maɓalli ɗaya ne aka kashe. Ki bi nan:

```
Settings > Notifications > Advanced settings
> Manage notification categories for each app
```

Ki kunna shi. Idan ba ki ga wannan layin ba, to wayarki tana kan tsohon tsari ne, kuma rukunan suna nan a buɗe, ba sai kin yi komai ba.

Yanzu ki koma `Settings`, ki shiga `Apps`, ki zaɓi Gmail, ki taɓa `Notifications`, sannan `Notification categories`. Za ki ga adireshin imel ɗinki biyu, kowanne da layin `Mail` a ƙarƙashinsa. Ki taɓa kan kalmar kanta, ba maɓallin da ke gefenta ba, domin maɓallin kashewa yake yi gaba ɗaya. Shafin da zai buɗe shi ne zuciyar aikin nan. A ciki akwai zaɓi tsakanin `Alert` da `Silent`, akwai `Sound`, akwai `Vibrate`, akwai `App icon badges`, akwai kuma `Ignore Do not disturb`. Ki shiga `Sound` na akawun ofis ki zaɓa masa sauti, ki fito ki shiga na ɗaya akawun ki zaɓa masa wani.

A wurin zaɓen sauti ne mutane suke yin kuskuren da ba sa lura da shi. Sai su ɗauki sautuka biyu masu daɗi da suka yi kama da juna, bayan kwana uku kunne ya daina bambance su. Ki bambanta su da tsawo da yawan bugu, ba da daɗi ba. Misali na ofis ya zama bugu ɗaya gajere, WhatsApp na gida bugu biyu, na kasuwa wani mai ɗan ja. Wayar tana cikin jaka, kina cikin adaidaita, hayaniya ta ko'ina, abin da kunne zai kama shi ne "ɗaya ne ko biyu", ba zaƙin sautin ba. Ni a ganina ma sauti huɗu sun yi yawa. Imel ɗinki na kanki, wanda yawanci tallace-tallace da rasit ke shiga, ki mai da shi `Silent`. Zai riƙa shigowa kina ganinsa idan kin zazzago allon sama, amma ba zai kira ki ba. Sauti uku kunne yana iya riƙe su ba wahala.

Akwai saiti na biyu a cikin Gmail ɗin kansa da ya kamata ki leƙa, saboda shi ne ke yanke hukuncin wane saƙo ne ma zai kai ga yin ƙara. Ki buɗe Gmail, ki shiga `Settings`, ki taɓa akawun ofis. A layin `Notifications` akwai zaɓi uku: `All`, `High priority only` da `None`. Ga akawun ofis ki bar shi a `All`, domin na tsakiyan Gmail ne ke yi miki hasashen abin da ke da muhimmanci, kuma hasashe yakan kuskure. Sannan ki shiga `Inbox notifications` ki kunna `Notify for every message`. Idan ba a kunna wannan ba, imel na farko ne kaɗai zai yi ƙara, na biyu da na uku su shigo shiru matuƙar ba ki buɗe na farkon ba. Mutane da yawa suna ɗauka wayarsu ce ta lalace, alhali haka aka tsara shi. Ki kuma duba `Sync Gmail` a wannan shafin yana kunne, in ba haka ba babu imel da zai shigo sai kin buɗe manhajar da hannunki.

WhatsApp ɗinki kuwa kin riga kin huta, tunda manhajoji biyu ne daban. A idon wayar, WhatsApp da WhatsApp Business baƙin juna ne, kowanne da tambarinsa da lambarsa da rukunansa. Ki buɗe kowanne, ki shiga `Settings`, sai `Notifications`, ki canza `Notification tone` na saƙonni, ki canza na guruf, ki canza `Ringtone` na kira. Wanda ya saka lambobin waya biyu a cikin WhatsApp guda, damar da aka buɗe a 2023, ba shi da wannan sauƙin: tambari ɗaya ne, kuma idan ya zo ba da izinin dare, wayar manhaja ɗaya take gani. Shi ya sa duk mai sana'a da ya tambaye ni nake ce masa ya raba su, ko da WhatsApp Business, ko da tagwayen manhaja, wato `Dual Messenger` a Samsung, `App Twin` a Tecno, `XClone` a Infinix.

To ga maganar lamba, inda na ce akwai abin da ba zai yiwu ba. Lambar nan ta tambari ce, ba ta akawun ba. Gmail tambari ɗaya gare shi a allonki, don haka lamba ɗaya za ki gani, ko akawun goma kika zuba masa. Babu saitin da zai sa ya nuna miki "3 na ofis, 5 na gida". Abin da za ki iya shi ne ki zaɓi akawun da za a ƙirga. A shafin `Mail` na akawun ɗinki na kanki, ki kashe `App icon badges`, ki bar na ofis a kunne. Daga nan duk lambar da kika gani a kan Gmail ta ofis ce, ba sai kin yi tantama ba. Idan kuma lallai kina son ganin lambar kowanne, sai ki raba musu gida: ki bar ɗaya a Gmail, ki saka ɗayan a wata manhajar imel kamar Samsung Email ko Outlook. Tambari biyu, lamba biyu. Amma in kin yi haka, ki mai da sanarwar wannan akawun `None` a cikin Gmail, in ba haka ba kowane imel zai yi miki ƙara sau biyu.

Sai wani abu game da lambar da yake ruɗa mutane, kuma ga mai kasuwa yana iya jawo asara. A Samsung lambar tana bin sanarwar da ke allon sama ne, ba saƙonnin da ba a karanta ba. Kwastomomi bakwai sun turo saƙo, tambarin ya nuna lamba, sai kika share allon sama da yatsa don ki ga agogo sosai. Lambar za ta ɓace nan take, alhali saƙonnin bakwai suna nan ba wanda kika buɗe. Wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta ta taɓa kawo min waya tana cewa WhatsApp ɗinta yana cinye saƙon mutane. Na ce ta nuna min yadda take yi da safe. Tana karɓar wayar ta zazzago allo ta danna `Clear`, hannunta ya saba, ko kallo ba ta yi. Wayar lafiyarta ƙalau. Don haka kada ki ɗauki tambari marar lamba a matsayin shaidar babu mai jiran amsa. Ki buɗe manhajar kasuwa da kanki safe da yamma. Idan ɗigo kike gani maimakon lamba, ki koma `Advanced settings` ɗin nan, ki taɓa `App icon badges`, ki zaɓi `Number`.

Yanzu mu zo ga dare, wanda na san shi ne ya fi damunki. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rufe komai sannan a buɗe ƙananan ƙofofi ga waɗanda kika zaɓa, maimakon a bar komai a buɗe ana bin masu damu ɗaya bayan ɗaya ana toshewa. Masu damu ba sa ƙarewa, gobe sabon kwastoma zai zo da sabuwar lamba. Waɗanda za ki tashi dominsu da tsakar dare kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ki fara da su. Ki buɗe `Contacts`, ki nemo sunan Hajiya, ki taɓa tauraron da ke shafinta. Haka maigida. Sannan ki tsaya ki tambayi kanki: idan jikin Hajiya ya tashi da ƙarfe biyun dare, wa zai kira ni? Da wuya ita ce da kanta. Ƙanwarki ce da ke kwana da ita, ko yayanku, ko maƙwabciyar da take leƙa ta. Su ma ki sa musu tauraro. Ki duba kuma kowannensu duk layukansa suna cikin sunan, domin wanda kika ajiye layinsa ɗaya, ranar da kuɗin wannan layin ya ƙare ya kira da ɗayan, wayar baƙo za ta ɗauke shi. Idan kin nemi tauraron kin rasa a kan wani suna, mai yiwuwa a kan sim aka ajiye lambar. Ki mai da ita cikin wayar ko cikin akawun Google, tauraron zai fito.

Sai ki shiga nan:

```
Settings > Notifications > Do not disturb > Add schedule
```

Ki sa masa suna, ki zaɓi duk kwana bakwai, ki sa farawa 10:00 na dare, ƙarewa 5:00 na asuba, ko yadda ya dace da kwanciyarki. Ki kula da abu biyu a nan. Na farko AM da PM: na ga wayoyi da dama da aka sa 10:00 AM a madadin 10:00 PM, wayar ta yi shiru tun hantsi, mai ita yana ta rasa kiran kasuwa yana zagin sabis. Na biyu, ranar da kika zaɓa ranar farawa ce. Idan kika cire Asabar daga jerin, daren Asabar wayewar Lahadi ne zai zama a buɗe, daren Juma'a wayewar Asabar kuwa yana nan a rufe har asuba.

A ƙasan shafin akwai wurin da ake zaɓen abin da aka yarda ya wuce. A `Calls and messages`, ki sa kira a kan `Favorite contacts only`. Saƙon tes ki sa shi haka ko ki rufe shi duka, domin alat na banki da tallan kamfanonin layi ba abin tashi ba ne da dare, za ki same su da safe. Sannan ki kunna `Repeat callers`. Wannan shi ne mafi muhimmanci a wurinki bayan tauraro. Aikinsa shi ne duk lambar da ta kira sau biyu cikin minti 15, kira na biyu zai yi ƙara ko da ba ki san lambar ba. Ma'aikaciyar jinya da ta ari wayar wani, direban da ya tsaya taimakon maigida a hanya, duk ta nan za su same ki. Gaskiya ne kwastoma mai naci shi ma zai iya shigowa ta wannan ƙofar. Ni dai na gwammace mai naci ya tashe ki sau ɗaya a wata da a neme ki kan lalurar Hajiya a rasa.

A `Alarms and sounds` ki tabbatar `Alarms` yana kunne, don agogon tashinki ya buga. Amma manhajar kiran salla ba lallai ta bi ta nan ba. Da yawansu sanarwa suke turowa kamar kowace manhaja, don haka shirun dare zai haɗiye kiran asuba idan lokacin ya faɗo kafin 5:00, kuma kin san lokacin asuba yana matsawa gaba da baya da sauyin yanayi. Ki shiga `App notifications` a wannan shafin ki ƙara manhajar sallarki a ciki.

Kada ki ƙara WhatsApp na gida a wannan jerin. Na san zuciya za ta ce ai 'yan uwa ta nan suke magana. Amma izinin nan na manhaja ne sukutum, idan kin ba shi, guruf ɗin dangi da na tsofaffin ɗalibai da na unguwa duk sun samu, kuma su ne ba sa barci. Abin da ya fi shi ne ki koma rukunan WhatsApp na gida kamar yadda kika yi wa Gmail, ki shiga `Call notifications` kaɗai, ki kunna `Ignore Do not disturb`, ki bar rukunin saƙonni da na guruf yadda suke. Ko da kin yi haka, shawarata ita ce ki gaya wa mutanen gida ƙarara: in magana ta gaggawa ce da dare, a kira layi, kada a kira ta WhatsApp, kada kuma a tura saƙon murya a zauna jira. Kiran WhatsApp yana buƙatar data a wayarki da ta mai kira, kuma wayoyi suna rage wa manhajoji ƙarfi idan allo ya daɗe a kashe don tattalin batir. Kiran layi bai dogara da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

WhatsApp Business kuwa ba ki ba shi izinin komai ba, don haka daga 10:00 ya yi shiru. Don kada kwastoma ya ga kamar an share shi, ki shiga kayan aikin kasuwa da ke cikinsa ki kunna `Away message`, ki sa masa lokaci, ki rubuta abu gajere kamar "Mun tashi, in sha Allah za mu amsa da ƙarfe 8 na safe." Sai dai wannan saƙon ba ya fita sai wayarki tana da data, don haka in kina kashe data da dare, ba zai tafi ba.

Bari in bi miki dare ɗaya don ki ga yadda zai kasance. Ƙarfe 11:40 wata ta turo hoton leshi tana tambayar kuɗinsa: wayar ba ta motsa ba, amsar "mun tashi" ta tafi, saƙon yana jiranki. Ƙarfe 12:15 shugabanki na ofis ya turo imel: shiru, amma da safe za ki ga 1 a kan Gmail, kuma kin san na ofis ne. Ƙarfe 1:30 maigida ya kira layinki daga Lokoja: ya yi ƙara a bugun farko saboda tauraro. Ƙarfe 2:05 wata lamba da ba ki sani ba ta kira: shiru. Ƙarfe 2:09 ta sake kira: wannan karon ya yi ƙara, tunda bai kai minti 15 ba. Da a ce sai 2:30 ta sake kira, da shi ma ya wuce shiru, shi ya sa yake da kyau 'yan gida su san ƙa'idar: in an kira ba ki ɗauka ba, a sake kira nan take.

Akwai tazarar da tsarin dare bai rufe ba, wato daga isha'i zuwa ƙarfe goma, lokacin da kike son jin 'yan uwa amma kin gaji da kasuwa da ofis. A nan ne rashin sanin akawun da na faɗa a farko yake fitowa fili, amma tunda kin raba ƙofofin, gyaran mai sauƙi ne. A Samsung ki shiga `Modes and Routines`, ki ƙirƙiri sabon yanayi, ki sa ya riƙa kunna kansa daga 8:00 zuwa 10:00 na dare, ki kunna masa `Do not disturb` nasa, ki bar duk kira ya shigo, ki ƙara WhatsApp na gida a manhajojin da aka yarda. Gmail da WhatsApp Business ba sa cikin jerin, sun yi shiru ke nan. Da ƙarfe goma ya sauka, na dare ya hau. Masu Tecno da Infinix da sauran wayoyin da ke da `Digital Wellbeing` za su sami kusan irin wannan a `Focus mode`, inda ake zaɓen manhajojin da za a dakatar a sa musu lokaci. Tun da kin shiga `Modes and Routines`, ki duba yanayin `Sleep` da ke cikin jerin. Idan an taɓa saita shi, shi ma yana kunna shiru da nasa lokaci da nasa jerin waɗanda aka yarda, kuma shi ne sau da yawa ke sa waya ta yi shiru a lokacin da mai ita bai sa ba. Ki bar ɗaya, ko shi ko jadawalin da kika yi.

Iyaka ɗaya da ya kamata ki sani: idan layi biyu ne a wayar, kina iya ba kowane sim sautin kiransa, amma shirun dare ba ya bambance su. Mai kira yake dubawa, ba layin da aka kira ba. Ga tsarinki wannan ba matsala ba ce, tunda kwastomomi ba su da tauraro.

Kada ki kwanta a kan saitin da ba ki gwada ba. Da rana, ki kunna `Do not disturb` da hannu daga allon sama, ki kashe allon wayar ki ajiye ta. Ki sa ƙanwarki ta kira layinki daga Katsina, ya kamata ya yi ƙara. Ki sa ta kira ta WhatsApp ki ji ko ya wuce. Ki karɓi wayar wani da lambarsa ba ta cikin wayarki ki kira sau ɗaya, ya kamata ya yi shiru, ki sake kira, ya kamata ya yi ƙara. Ki tura saƙo zuwa lambar kasuwa, ya kamata ya yi shiru. Idan mai tauraro ya kira amma ba ki ji komai ba, abu na farko da za ki duba shi ne ko wayar tana kan `Mute` ko `Vibrate`. Shirun dare yana buɗe wa mutum ƙofa ne kawai, ba ya ƙara sautin da kika rage da hannunki. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro, domin mutum ya saba mai da waya shiru kafin ya kwanta, hannu zai ci gaba da yi ko bayan an saita komai. Daga yau ki bar wayar a kan `Sound` da dare, jadawalin ne zai yi aikin.

Idan bayan kwana biyu wani abu ya ci gaba da yin ƙara cikin dare ba ki san ko mene ne ba, kada ki yi ta lalube. Ki kunna `Notification history` a `Advanced settings`, yana ajiye sanarwar awa 24 da suka wuce tare da lokacin shigowar kowacce, da safe sai ki duba wadda ta shigo a daidai lokacin. Ko kuma ki danne sanarwar da yatsa na ɗan lokaci a allon sama, za ta ba ki hanyar shiga saitinta, ki duba ko an kunna mata `Ignore Do not disturb`. Idan kuma wata rana duk sautukan suka koma iri ɗaya, to ko an goge manhajar an sake saukewa, ko an share bayananta, domin duk waɗannan suna mai da rukunan sabbi fil. Haka in sautin da kika zaɓa waƙa ce ko murya da ke kan memori aka cire memorin ko aka goge fayil ɗin. In kina son sautin kanki, ki ajiye shi a babban fayil mai suna `Notifications` a cikin ma'ajiyar wayar, ba a memori ba, zai fito a jerin zaɓi kuma zai zauna.